Lambobi Biyu da Ke Jikin Takardar Gwajin Maleriya

Tambaya: Likita, ina aiki a wani shagon magani a Aboabo, cikin Kumasi, kuma muna yin gwajin maleriya na gaggawa. A takardar da ke cikin kwalin an rubuta sansitibiti kashi 95, sifesifisiti kashi 90. Shin idan gwajin ya nuna cuta, tabbacin mutum yana da ita kashi 95 ne cikin ɗari?

Amsa: A'a, Malama, lambobin nan biyu wata tambaya daban suke amsawa. Ana samun su ne daga mutanen da aka riga aka san halinsu ta wata hanya da aka fi yarda da ita, wadda a maleriya galibi ita ce duba jini a madubin likita a hannun ƙwararre. Sansitibiti yana duba masu cutar ne kaɗai: a cikin waɗanda aka tabbatar suna ɗauke da ita, mutum nawa gwajin ya kama? Sifesifisiti kuwa yana duba marasa cutar ne kaɗai: a cikin waɗanda aka tabbatar ba su da ita, mutum nawa gwajin ya wanke? Ke kuma da kike tsaye a bayan kanta ba ki san halin wanda ke gabanki ba, sakamako kawai kike riƙe da shi, saboda haka lissafinki ta ɗaya ɓangaren yake farawa.

Bari mu ɗauki lambobin takardarki mu yi aiki da su. A ƙaddara mutum 1,000 masu zazzaɓi sun zo gwaji a lokacin da ruwa ya ɗauke, kuma madubin likita ya tabbatar 200 daga cikinsu suna da maleriya, sauran 800 zazzaɓinsu daga wani abu ne. Da yake sansitibiti kashi 95 ne, gwajin zai kama 190 daga cikin masu cutar, 10 kuma za su kuɓuce masa, ya nuna ba su da komai alhali ƙwayar tana jininsu. Da yake sifesifisiti kashi 90 ne, zai wanke 720 daga cikin mutum 800 ɗin, sauran 80 kuma ya ɗora musu cutar da ba su da ita. Lissafin na farko shi ne 190 ÷ 200 = 0.95, na biyu kuma 720 ÷ 800 = 0.90, kuma abin lura shi ne kowanne ya tsaya a cikin rukuninsa, bai leƙa ɗayan ba.

Yanzu ki tara duk waɗanda layi biyu ya fito musu a ɗan allon gwajin, wato waɗanda gwajin ya ce suna da cutar. Akwai 190 na gaskiya da 80 na kuskure, jimilla 270. Wanda ya miƙo miki yatsa aka ga layi biyu, ɗaya ne daga cikin waɗannan 270, kuma masu cutar a cikinsu 190 ne, wato kusan kashi 70 cikin ɗari. A taƙaice, cikin kowane mutum goma da gwajin ya ce suna da maleriya, kusan uku ba su da ita, duk da kashi 95 ɗin da ke rubuce a takarda. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne: marasa cutar sun ninka masu ita sau huɗu, don haka kuskuren kashi 10 a kan taro mai yawa ya haifar da mutum 80. Ta ɗaya gefen kuwa labarin ya fi daɗi, domin waɗanda layi ɗaya kawai ya fito musu su 730 ne, kuma 10 ne kacal a cikinsu ke da cutar.

Idan damina ta kankama sauro ya yi yawa, a ce rabin masu zazzaɓin ne ke da maleriya, wato 500 cikin 1,000, kwalin bai canza ba, lambobinsa ma ba su canza ba, amma ma'anar sakamakon ta canza. Gwajin zai kama 475, ya kuma yi wa mutum 50 ƙazafi, sai tabbacin layi biyu ya haura zuwa wajen kashi 90. Farashin hakan shi ne waɗanda suka kuɓuce sun ƙaru daga 10 zuwa 25. Wannan ne ya sa kamfanin da ya yi gwajin ba zai iya rubuta miki amsar tambayarki a takarda ba, domin amsar ta dogara da yawan cutar a cikin mutanen da ke shigowa shagonki, kuma na Aboabo a watan Yuni ba lallai ya zama ɗaya da na wani ƙauye ko na wani wata ba.

Ya kamata ki san inda kurakuran nan biyu ke fitowa, tunda ba daga sama suke faɗowa ba. Yawancin gwaje-gwajen gaggawa da ake amfani da su a ƙasashenmu ba ƙwayar cutar suke gani ba, wani furotin suke nema mai suna HRP2, wanda nau'in ƙwayar maleriya mai suna falsifarum ke fitarwa. Wannan furotin yana iya zama a jini har makonni bayan magani ya kashe ƙwayoyin, saboda haka yaron da ya gama shan maganinsa kwana goma da suka wuce, ya dawo da zazzaɓin ciwon kunne ko na huhu, yana iya nuna layi biyu. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi cutarwa a shagunan magani, ba don asarar kuɗin magani ba, sai don ainihin ciwon yana ci gaba ana ta fama da wanda ya riga ya wuce. Tambaya ɗaya tana rage shi ƙwarai: yaushe rabon mai jinyar da shan maganin maleriya?

Kuɓucewar masu cuta kuma tana faruwa ne idan ƙwayoyin ba su yi yawa a jini ba, kamar a farkon kamuwa, ko idan wani nau'in maleriya ne wanda ba ya fitar da wannan furotin, ko kuma falsifarum ɗin ne da ya rasa ƙwayar halittar da ke yin sa, abin da aka fara gani a Peru aka kuma same shi da yawa a Eritriya. Akwai kuma abin da ke hannunki. Kwalin da ya sha zafin rana a bayan gilashin kanta, jinin da aka ɗiga fiye da kima har ya rine tagar karatu, ɗigon ruwan gwajin da bai kai adadin da takarda ta faɗa ba, duk suna ja da lambobin nan ƙasa, domin an auna su ne a yanayin da aka bi kowace ƙa'ida. Layin T, wato layin da ke nuna cuta, ko da ya fito dishi-dishi, muddin a cikin lokacin karatu ne, wanda yawanci minti 15 zuwa 20 ne, ana ƙirga shi cuta, amma wanda ya bayyana bayan lokacin ya wuce ba a yin hukunci da shi. Idan layin C, wanda ke nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya ɓaci, sai a buɗe sabo.

Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, kuma ga mai zazzaɓin da jikinsa bai yi tsanani ba, layi ɗaya dalili ne mai ƙarfi na neman wani sanadin. Amma yaron da ke jijjiga, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya kasa shan nono, ko hankalinsa ya fara gushewa, kada ki tsaya kan layi ɗaya, domin yana iya zama cikin goman nan da suka kuɓuce, ko kuma wani mugun ciwon ne daban. Ki tura shi asibiti nan take, ki rubuta wa iyayen sakamakon da lokacin da aka yi gwajin da duk maganin da ya sha, su nuna wa likitan da zai karɓe shi.