Abin da Rinin Gram Yake Nunawa

"Me ya sa wasu bakteriya suke fitowa shunayya, wasu kuma jaja-jaja?"

Rinin Gram hanya ce ta rina bakteriya don a bambance su a ƙarƙashin madubin likita, kuma asirin yana cikin bangon ƙwayar. Staphylococcus aureus tana da bango mai kauri na feftidogilaikan, wani sinadari mai kama da raga. Idan aka zuba alkohol, bangon yana tsukewa, ya kulle rinin shunayya da aidin ya ɗaure a ciki. Escherichia coli kuwa nata siriri ne, lulluɓe da fatar waje mai maiƙo wadda alkohol yake narkarwa, sai rinin ya fice, jan rinin safranin da ake zubawa daga ƙarshe ya kama ta.

A ganina, wankin alkohol ne matakin da ya fi buƙatar kulawa, domin idan ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, har Staphylococcus za ta fito ja.