Hayar gidanka na Kano da harajin Amurka: canjin wace rana za ka ɗauka?

Wani bawan Allah da ke zaune a Bronx ta birnin New York ya turo min tambaya, ya ce yana da katin zama na dindindin, yana da gida a Kano da ya ba haya, ɗan haya ya biya naira miliyan 9 kuɗin shekara a farkon Janairu 2024 a hannun ƙaninsa, shi kuma bai taɓa kuɗin ba sai a Disamba ya sa aka canza aka turo masa. Da ya zo cika takardar haraji sai ya rubuta dalar da ta shigo masa. Wai daidai ne?

Malam gaskiya ba daidai ba ne, amma abu ne mai gyaruwa, kar hankalinka ya tashi. Duk mai katin zama ko ɗan ƙasa, Amurka tana bin sa haraji kan abin da ya samu ko a ina ne, ko kuɗin ya shigo Amurka ko yana kwance a banki a Kano. Hayar gida tana shiga Schedule E ne, wato sashen takardar haraji da ake rubuta kuɗin haya, kuma da dala ake rubutawa. Ƙa'idar IRS, hukumar harajin Amurka, ita ce ka canza da farashin ranar da ka karɓi kuɗin, ba ranar da ka turo ba. Kuma ranar da ƙaninka ya karɓa a madadinka, a wajen doka kai ka karɓa, tunda da ka ce a ba ka a ranar ba mai hana ka. Ko da hayar ta leƙa cikin wata shekara, duka a shekarar da aka biya ake sa ta.

To duba yadda abin yake a naka. Farkon Janairu 2024 dala tana wajen naira 900 a kasuwar hukuma, kafin wata ya ƙare ta haura 1,400, a Disamba kuma tana sama da 1,500. Mu ɗauki 900 da 1,500 don sauƙin lissafi, miliyan 9 a Janairu dala 10,000 ce, a Disamba kuma dala 6,000, ka ga ka rage dala 4,000 daga abin da ya kamata ka bayyana. Na san abin da ciwo, don wannan dubu huɗun ba ta taɓa shiga aljihunka ba, faɗuwar naira ce ta cinye ta. Amma asarar canji babinta daban a dokarsu, sashe na 988, ka kai wa mai yi maka haraji ya duba ko za ta ragu, kar dai ka cusa ta cikin kuɗin haya.

Wasu za su ce maka ka ɗauki matsakaicin farashin shekara. Wannan ya dace da mai karɓar kuɗi kaɗan kaɗan duk wata kamar albashi, amma kai da aka biya ka lokaci guda a shekarar da naira ta yi irin wannan faɗuwa, ban ba ka shawarar haka ba. IRS ba ta da farashinta na dole, tana karɓar farashin da aka wallafa in dai kana bin hanya ɗaya, don haka ka ɗauki na CBN na ranar, ka buga shi a takarda ka haɗa da saƙon shigar kuɗin na banki ka ajiye. Farashin 'yan canji na Wapa da ba ka da shaidarsa, ka bar shi.

Wannan ƙa'idar tana taimakonka ta ɗaya gefen. In ka gyara rufin da ke yoyo a Agusta da naira miliyan 1.6 dala tana wajen 1,600, dala 1,000 za ka cire, kowace kashewa da farashin ranar da aka biya.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne FBAR, wato FinCEN Form 114, takardar da ake bayyana asusun banki na ƙasar waje, don ita ranarta daban. In jimillar asusunka na waje ta wuce dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekarar, dole ka cika, kuma a nan za ka ɗauki kuɗi mafi yawa da ya taɓa zama a kowane asusu a shekarar ka canza da farashin Baitulmalin Amurka na 31 ga Disamba. Miliyan 9 kaɗai ba ta kai ba a ƙarshen 2024, amma in kana da wata miliyan 7 a wani asusun, miliyan 16 ke nan, ta ɗan haura.

Abin yi yanzu, ka cika Form 1040-X ka gyara na 2024, ka biya cikon da ruwan da ya hau kai tun kafin su rubuto maka. In kuma ashe akwai shekarun baya da ba ka taɓa bayyana hayar ko asusun ba, kar ka tura komai tukuna, ka fara zama da lauyan haraji da bayanan bankinka na shekara 6, don shirin Streamlined na waɗanda ba da gangan suka yi ba yana neman gyaran haraji na shekara 3 da FBAR na shekara 6.