Littafin lissafi ne kaɗai zai gaya maka gaskiya

"Jama'a, kusan shekara guda ke nan ina buga cacar ƙwallo, ina ci ana kuma cinye ni, amma na kasa gane ko riba nake yi ko asara. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin halin da na taɓa shiga ke nan. Hukuncin caca a addini duk mun san shi, ba sai na maimaita ba.

Ka sayi littafi na 'yan makaranta, ka ja layuka huɗu: kwanan wata, kuɗin da ka zuba, abin da ya dawo, da bambancinsu. Sharaɗi mafi girma shi ne ka rubuta abin da ka zuba tun kafin a take wasa, domin tikitin da ya ƙone zuciya ba ta son tuna shi, kuma shi ne hannu zai ƙi rubutawa daga baya.

A ce kana zuba naira 500 kullum, a wata ka zuba 15,000 ke nan. Idan ka ci sau biyu, 4,200 da 6,500, abin da ya dawo 10,700 ne, wato ka yi asarar 4,300 a watan da kake ganin ka yi sa'a, kuma idan aka tafi a haka shekara za ta ci maka 51,600. Ka lura cewa cikin 6,500 ɗin nan akwai naira 500 ɗinka da ka zuba, don haka ba duka ne riba ba.

Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne wani mai shagon caca a wajen unguwar Mabera ta Sakkwato da ya riƙa ba ni bashin tikiti, yana kirana maigida, yana nuna mini takardun waɗanda suka ci da ya manna a bango. Waɗanda suka ƙone kuwa kwandon shara yake zuba su. Ana saura kwana kaɗan Sallah ya tare ni a gaban mutane da littafinsa, kowane bashi da ranarsa, ni kuwa ban da komai a rubuce, kuɗin ɗinkin yara na miƙa masa. Shi yana lissafi, ni ba na yi. Saboda haka tikitin bashi ma ka rubuta shi a ranar da ka buga.

Garaɓasar da kamfani yake bayarwa kada ka sa ta a riba sai ta shiga asusunka. A ƙarshen kowane wata kuma ka duba bayanan bankinka, ka haɗa abin da ka tura ta waya da ragowar da ke cikin manhajar cacar a farkon watan, ka cire abin da ka janye da ragowar da ke cikinta a ƙarshen watan. Idan wannan ya fi asarar wasannin waya da ke littafinka, to akwai tikitin da ka tsallake, ka koma tarihin wasanninka ka nemo shi.