Ciniki ya tashi a littafi, kuɗi bai shigo ba

Tambaya: Malam, ina sarin kayan masarufi a kasuwar Singa. Ɗan yayata ne ke riƙe da ciniki, shi ke rubuta inbois, wato takardar ciniki, da webil, wato takardar fitar da kaya daga sito. Na yi masa alkawarin naira miliyan 5 idan cinikin shekara ya kai biliyan ɗaya da rabi. Duk wata mukan yi wajen miliyan 120, sai ga Disamba ta nuna 185. Na yi murna har ina shirin kai wa banki lissafin in nemi jari in buɗe reshe biyu, amma ga shi Janairu ta raba, kuɗi bai shigo ba. Yaya zan gane cinikin nan na gaske ne?

Amsa: Alhaji, ajiye maganar reshe tukuna, ɗauko kalkuleta. Wata goma sha ɗaya a kan miliyan 120 ya ba ka miliyan 1,320. Ƙara 185, ka samu 1,505. Wato yaron nan ya tsallake layin da ka ja masa da miliyan 5 kacal, a watan ƙarshe. Ban ce ya ci amanarka ba. Disamba watan biki ne, kasuwa kan motsa. Amma kai ka miƙa wa mutum ɗaya biro da mabuɗin sito, sannan ka ɗora masa kyauta a kan lambar da shi kaɗai ke rubutawa. Kuskurenka ke nan, kuma kasancewarsa jininka ne ya sa ba ka taɓa dubawa ba. Da bare ne, da tuni ka sa masa ido.

Inbois takarda ce kawai, kowa na iya cike ta. A ƙa'idar lissafi ta IFRS 15, ba a rubuta ciniki sai kaya ya koma ƙarƙashin ikon mai saye. A harkar sari irin taka, hakan yakan faru ne ranar da aka loda masa kaya ya sa hannu, ko ranar da motarka ta sauke masa, gwargwadon yadda kuka yi yarjejeniya. Saboda haka ka bar littafin ciniki, ka tafi bakin ƙofar sito.

Nemo lambar webil ta ƙarshe da kaya ya fita da ita ranar 31 ga Disamba. Kada ka tambayi ɗanka, duba littafin mai gadi ko na shugaban 'yan dako, tunda su a kan kowane lodi ake biyansu, ba sa mantawa. A ce lambar 4312 ce. Yanzu jero duk inbois na kwana goma na ƙarshen Disamba da goma na farkon Janairu, kowace ka haɗa ta da webil ɗinta, lambar mota, sunan direba da sa hannun wanda ya karɓa. Duk inbois mai kwanan watan Disamba da webil ɗinta ta haura 4312, cinikin sabuwar shekara ne aka jawo baya. Ka duba ta ɗaya gefen ma, domin akan fitar da kaya a Disamba a rubuta shi a Janairu.

Ga inda abin yake ciwo, kuma nan ne 'yan kasuwa da yawa ba sa lura. A ce ka tarar da inbois ta 30 ga Disamba, katan 600 na taliya a kan naira 18,000, jimilla miliyan 10.8, amma motar ba ta bar Singa ba sai 4 ga Janairu. Kai kuma ka saro kowane katan a kan 17,200. Idan ranar ƙirgar kaya an cire katan 600 ɗin nan daga lissafin sito, ribar da aka ƙara maka ta ƙarya ita ce 800 sau 600, wato naira 480,000. Da sauƙi. Amma idan masu ƙirga sun gan su jibge a sito sun haɗa da su, to kaya ɗaya ya shiga lissafi sau biyu: ga shi an sayar, ga shi kuma yana nan. A nan ribarka ta kumbura da miliyan 10.8 cif, domin babu kuɗin saye da aka cire a gabansa. A kan wannan ribar za ka biya haraji, da ita kuma za ka je ka karɓo bashin da ba ka da ƙarfin biya. Don haka takardun ƙirgar 31 ga wata su kasance a gabanka kana wannan aiki.

Na san abin da za a ce maka: "Kawu, ai kayan ajiya ne, mai shi ya saya ya bari." Wannan yana faruwa a Kano kullum, kuma yana iya zama ciniki na gaskiya. Amma sai in mai kayan ne da kansa ya nemi a ajiye, an ware masa su gefe da sunansa, a shirye suke a loda, kuma ba ka da ikon sayar wa wani. In suna cakuɗe da sauran kaya ana ɗiba, naka ne har yanzu. Haka kayan da aka ba dillali ya tafi da su Maraɗi ko Damagaram a kan sai ya sayar ya kawo kuɗi, abin da ya rage ya dawo da shi. Wannan ba ciniki ba ne sai ya sayar.

Jawo ciniki baya ƙaramin laifi ne idan aka kwatanta da cinikin da babu shi sam. Shi wannan Janairu ce ke tona shi, tunda bashin ƙarya ba ya biyan kansa, dole a goge shi. Na taɓa duba littafan wani mai sarin atamfa a Kwari, wanda ƙaninsa ke masa akawu. Inbois lafiya lau, webil ma akwai, duk hannu ɗaya ya rubuta. Abin da ya fallasa shi takardun dawo da kaya ne: manyan ciniki uku na ƙarshen shekara, dukansu an rubuta "an dawo da shi" a mako na biyu na sabuwar shekara, alhali mai gadi bai ga dila ko ɗaya ta fita ba, balle ta dawo. Mutumin ya riga ya ci bashi a kan lissafin, sai da ya sayar da shago ya biya.

Saboda haka ka tara duk takardun dawo da kaya da na ragi na Janairu, ka ga wace inbois kowace ta soke. Sannan ka ware masu bashin da suka fi nauyi a cikin rarar miliyan 65 ɗin nan, musamman sababbin sunaye da ba ka taɓa ji ba, da tsofaffin abokan ciniki da aka rubuta musu ninkin abin da suka saba ɗauka. Kira su da kanka, da lambar da ke cikin wayarka ko wadda ka samo a kasuwa, ba wadda ke jikin inbois ba. Kada ka faɗi adadi. Ka ce, "Alhaji, nawa muke binka zuwa ƙarshen Disamba?" ka bari shi ya faɗa. Wanda aka ce ya biya kuwa, duba sitatimen na banki ka ga sunan wanda ya turo kuɗin. In daga asusun yaron shagonka ya fito, ko ya shigo yau makamancinsa ya fita gobe, kuɗinka ne ke zagaye.

Aikin nan ba zai wuce mako guda ba, kuma akanta na waje ya kamata ya taya ka, ba wanda ke cin abinci a gidanka ba. Kada ka biya miliyan 5 ɗin, kada kuma ka kai wa banki komai sai an gama. Daga yau littafin webil ya koma hannun mai kula da sito, inbois ta zauna a ofis, kyautar shekara kuma ka ɗaura ta a kan kuɗin da ya shiga asusu zuwa ƙarshen Fabrairu.