Ɗana ya sha giya: in yi masa bulala ko in kore shi?

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 16 ya dawo gida a Tudun Wada cikin dare yana warin giya, da safe kuma ya rantse bai tuna yadda ya dawo ba. Ƙanena ya ce in yi masa bulala 80 in kore shi. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah ya shirya maka shi. Haramcin giya, kaɗan ko da yawa, babu saɓani a kansa, kuma idan ya balaga laifin yana wuyansa.

Amma ka tsaya a kan maganarsa cewa bai tuna ba, domin mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Idan giya ta hau jini da sauri, takan hana sashen ƙwaƙwalwa mai adana sababbin abubuwa yin aikinsa, sai mutum ya yi tafiya, ya yi magana, gari ya waye babu ko ɗaya a kansa. Wannan alama ce cewa ba kurɓa ɗaya ya yi ba. Kuma sashen da ke bayan goshi, mai auna sakamako da danne son zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Matashi ba ya saurin jin barci da kasalar da kan dakatar da babba, don haka yakan zarce, kuma wanda ya fara da wuri ya fi saurin kamuwa.

Maganar ƙanenka kuwa kuskure ce. Tsayar da haddi aikin hukuma ne bayan shaida ko iƙirari a gaban alƙali, ba aikin uba a tsakar gida ba. Idan an ce ai uba yana da ikon ladabtarwa, sai mu ce ladabtarwa manufarta gyara, kuma kora miƙa shi ce ga waɗanda suka fara ba shi. An kawo wa Annabi (SAW) wani mashayi, da wani ya ce Allah ya kunyata shi, sai ya hana, ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kansa. Uba ya fi kowa cancantar wannan hani, kuma ina gargaɗinka da mahaifiyarsa, kada fushi ya sa ku yi masa baki.

Ka bari sai yana cikin hayyacinsa, kai ma zuciyarka ta sauka, ka kira shi zaure ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. Ka ce: “Na ga halin da ka shigo, hankalina ya tashi. Yaushe ka fara, kuma me ke damunka?” Ka yi shiru ya gama, sannan ka faɗa masa hukuncin Allah da iyakar gidanka. Ka tambaye shi ko yana haɗawa da kodin ko tiramol, domin haɗin yana iya tsayar da numfashi.

Idan hannunsa yana rawa da safe yana gumi, kada ka kulle shi a ɗaki don ya daina, domin yankewa farat ɗaya tana iya jawo jijjiga. Ka kai shi asibitin koyarwa na Shika. Kuma kada ya bar salla ko da wani ya ce masa ba ta karɓuwa, domin tana nan wajibi a kansa. Wallahu a'alam.