Layuka biyu sun haɗu a tsakiyar tafki

Maigida, na samu hoto mai eriyar waya da ƙololuwar dutse can nesa. Na gano su duka a taswira, na ja layi daga kowanne, sai mahaɗar ta faɗo a tsakiyar tafki, alhali mai hoton a kan busasshiyar ƙasa yake tsaye. Ina na kuskure?

Kafin komai, wa ya gaya maka inda layin zai dosa? Na duba aikin da ka turo, na ga ka ɗora linzami a kan eriya ka ja shi zuwa inda ranka ya ba ka. Abu ɗaya mai nisa ba ya ba da layi. Daga gindin eriyar nan ana iya jan layi ta kowace fuska, kuma duk cikinsu za a hango ta. Mai tsaye a fili da kamfas a hannu yana da sauƙi: ya karanta digirin eriyar, a ce 40, ya ƙara 180, ya ja layi daga eriyar a kan 220, ya san yana wani wuri a kan layin nan. Kai kuwa hoto ne a gabanka, babu kamfas a cikinsa. Abin da zai maye maka gurbin kamfas shi ne abu na biyu da ya yi saiti da na nesan, wato ya tsaya daidai ƙarƙashinsa ko gabansa a cikin hoton: kusurwar rufin gini, turken lantarki, bakin gada. Ka sa ɗigo a kan na nesa, ka sa ɗigo a kan na kusa, ka haɗa su, ka zarce da layin ta bayan na kusa. Mai kyamara yana kan wannan zarcewar. Kowane layi abu biyu yake ci, layuka biyu abu huɗu ke nan. Yadda ake jan layi a Google Earth da Ruler ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba bai isa zama a teburina ba.

Tambayarka ta tono mini wani miki, kuma gara ka ji shi, domin ramin da na faɗa shi ne a gabanka.

Wani ɗan kwangila ya zo mini da hoton motarsa ta haƙa ƙasa. Ya ce ya ba da ita haya ga wani, sai aka turo masa hoto tana aiki a filin da ba a yi yarjejeniya a kansa ba. Yana so in gaya masa filin wane ne, kuma yana so kafin gari ya waye. Hoton siriri ne, tsaye, kamar an yanke shi da almakashi. Na tambaye shi ko akwai na asali, ya rantse mini haka ya same shi. A cikin hoton akwai tudu mai ƙololuwa biyu. Ta hagu ta yi saiti da wata eriya, ta dama ta yi saiti da tankin ruwa mai ƙafafu. Abu huɗu sun cika, na ji daɗi, na ja layukana. Sun haɗu a cikin wani fili mai katanga. Na auna kusurwar da ke tsakaninsu a mahaɗa, digiri 10 kacal. A take na gaya masa cewa wannan aiki bai nuna ba, abin da zan iya ba shi zirin ƙasa ne mai tsawo, ba fili ɗaya ba. Ya ce shi ba ziri ya zo saya ba. Ya zauna mini a kai har ƙarfe biyun dare, yana cewa an ce masa babu kamata a wannan aiki, ashe ƙarya ce. Wannan magana ce ta ci ni. Na rubuta masa lambobin wuri ɗaya, na sa hannu.

Washegari ya kwashi mutane ya je ya buga ƙofar mai filin, ya kira shi ɓarawo a gaban ma'aikatansa, yana ɗaga takardata. Motar ba ta taɓa shiga filin ba. Tana can sama da mita 700 a baya, a kan layin dai, amma a wani wuri dabam.

Ga abin da ya faru, ka riƙe biro. Ƙololuwar hagu tana kilomita 6 daga mai kyamara, eriyar tana kilomita 5 da rabi, tsakaninsu mita 500 ke nan. Tauraron ɗan'adam ba kasafai yake ɗaukar hoto daga tsaye cak a saman abu ba, yakan ɗan karkata, shi ya sa dogayen abubuwa suke kishingiɗa a hotonsa. Eriya mai tsawon mita 40, idan an ɗauke ta da karkatar digiri 15, kanta zai bayyana kusan mita 11 nesa da gindinta. Ni kuma a gajiye, ido ya yi ja, na ɗora ɗigona a kan kanta maimakon gindi, kuma kishingiɗar ta gicciye layin ne, ba ta bi shi ba. Mita 11 a cikin mita 500 kamar ba komai ba ne. To amma layin sai ya yi tafiyar mita 6,000, wato ninki 12 na tazarar da na kafa shi a kai. Kafin ya iso wurin mai kyamara ya kauce da mita 132.

Da layi na biyu ya yanke shi a gicciye, kusa da digiri 90, da kuskuren ya tsaya a mita 132, da na duba hoton na gyara da ido. Amma idan layuka sun kusa kwantawa a jikin juna, ƙaramin motsi a ɗaya yana tura mahaɗar nesa, kamar bakin almakashi da ya kusa rufewa: ka ɗan motsa hannu, inda ƙarafan suka haɗu ya zarce gaba. Lissafinsa ke nan:

`kuskure = kaucewa ÷ sin(kusurwa)`

A digiri 10, sin ɗin, wato lambar da kalkuleta ke bayarwa idan ka danna maɓallin sin, 0.174 ne. Raba 132 da shi, ka samu kusan mita 760. A digiri 30 ninki biyu ne kawai, mita 264. Shi ya sa tun daga ranar, mahaɗar da ba ta kai digiri 30 ba ba na sa mata hannu, ko wa ya zo.

Bayan mako biyu mai filin da aka ci wa mutunci ya samo hoton na asali daga direban motar, ya kawo mini har gida, ba don faɗa ba, don in gani. Faffaɗa ne. A ɓangaren dama, wanda aka yanke, ga hasumiyar wata masana'anta ta yi saiti da turken lantarki da bai fi mita 150 daga kyamara ba, kusan digiri 60 daga tudun. Minti goma zai ɗauke ni da wannan. A ƙarƙashin turken kuma ga tifar shi ɗan kwangilar kansa tana juye shara inda aka hana. Abin da ya yanke ke nan. Ya san sarai akwai na asali lokacin da yake rantsuwa. Kuɗin aikina bai biya ba har yau, ya kuma bi gari yana cewa ni na jefa shi a rigima. Kamfanoni biyu da suke kawo mini aiki suka ɗauke ƙafa, shekara guda cur kafin ɗaya ya dawo. Laifin ɗigon nawa ne, na ɗauka. Amma rantsuwar nan ban yafe ta ba.

Ka lura da turken da na ambata mai mita 150. Wannan shi ne irin abin da za ka nema. Idan abu na biyu yana kusa da kyamara, na farko yana can nesa, kuskuren mita 3 a kan na kusa zai ba ka kaucewar mita 3 da 'yan kai, domin layin ya riga ya gama doguwar tafiyarsa kafin ya iso, saura taƙi kaɗan. Abu biyu da duka suke nesa kuma suke manne da juna su ne masu cin amana. Ku yaran yanzu idonku yana kan manyan abubuwa masu ban sha'awa a ƙarshen sama, ba kwa kallon shingen da ke gaban hancinku. Kuma ba ku da haƙurin buɗe tsofaffin hotunan tauraro na wuri ɗaya. Da za ku yi, za ku ga kan eriya yana yawo daga shekara zuwa shekara, yau gabas gobe yamma, gindin kuwa yana nan kusan inda yake. Inda inuwa ta taɓa jikin abu, nan ne gindi, nan ake sa ɗigo.

Wataƙila ka ce mini a hotonka babu abin da ya yi saiti da komai, amma kana iya auna kusurwar da ke tsakanin eriya da dutsen idan ka san ruwan tabaran kyamarar. Ana iyawa, in dai ba a yanke hoton ba. Sai dai kusurwa ɗaya tsakanin abu biyu ba ta ba da wuri. Abin da take bayarwa gefen da'ira ne da ya ratsa ta kan abubuwan biyu, duk wanda ya tsaya a kansa zai gan su da wannan buɗin. Sai da abu na uku a sami da'ira ta biyu, su yanki juna. Snellius, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Holland, ya warware wannan tun 1617, ba sabon abu ba ne. Ko a nan akwai tarko: idan mai kyamara yana kan da'irar da ta ratsa duka ukun, da'irorin biyu sun zama ɗaya, babu mahaɗa.

Yanzu koma kan hotonka. Fara daidaita shi, domin na ga ya karkata, bangon ginin da ke hagu ba a tsaye yake ba, kuma a karkataccen hoto abin da kake zaton yana ƙarƙashin dutse ba ya ƙarƙashinsa. Duba rubutun allon da ke gefen hanya ka tabbata ba a juye hoton dama zuwa hagu ba. Ka tabbata eriyar da ka zaɓa ita ce, domin a taswirar da ka turo na ƙirga uku a kan tudu ɗaya. Ta hotonka faranti biyu gare ta a gefe guda, ka nemi wani hoto na ƙasa da zai nuna maka wacce ce. Bayan ka daidaita, kusurwar rufin kwanon nan za ta faɗo ƙarƙashin ƙololuwar, layinka na farko ke nan. Na biyu ka nemo shi da kanka. Kowane layi ka ja shi sau biyu, ɗaya ta gefen hagu na abin kusa, ɗaya ta gefen dama, don mahaɗar ta fito a matsayin ɗan fili mai kusurwa huɗu wanda za ka iya auna tsawonsa. Sa'an nan ka nemo layi na uku. Uku ba sa haɗuwa a ɗigo ɗaya, ɗan alwatika suke bari. Idan ƙarami ne, ka sauka da kallon Google Earth zuwa ƙasa a nan, ka ga ko tudun ya jeru yadda yake a hoto. Idan ya kai girman unguwa, ɗaya daga cikin abubuwan da ka zaɓa ba shi ba ne.

Ka kawo mini shi ranar Litinin, da kusurwar mahaɗa a rubuce a gefen takarda, da tazarar kowane abu biyu da ka kafa layi a kansu.