'Yata ta koyi soyayya a fim

Tambaya: "'Yata mai shekara 15 ta ce saurayin da ba ya kishi ba masoyi ba ne. A fim ta gani. Ya zan yi?"

'Yar'uwa, kada ki ƙwace wayar, za ta koma kallo a gidan ƙawaye. Ku kalla tare. In an zo inda saurayi ke bibiyar budurwa bayan ta ce ba ta so, ko yana binciken wayarta, tsayar da fim ɗin. Ni nakan rage sautin, domin kiɗan ne ke sa takura ta zama kamar soyayya. Sai ki tambaye ta: da ƙanwarki ce fa? Bar ta ta amsa da kanta.

Amma in akwai wanda ke neman hotunanta ko yana yi mata barazana, ki adana saƙonnin, ki kai ƙara wurin 'yan sanda.